Gyaran wasiƙar neman aikin malamar gona: zuwa ga Auta

Birnin Kebbi, daren Talata

Auta, assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga wasiƙar da kika turo mini tun da hantsi, amma ban taɓa ta ba sai bayan isha'i, don ina so in karanta ta a natse. Sau uku na bi ta: na farko a matsayin yayanki, sauran biyun a matsayin mutumin da bai taɓa ganinki ba, wanda aka jibge wa takardu a tebur aka ce ya fitar da mutum biyar kafin azahar. Kin san na zauna a irin wannan kujera a wurin aikinmu, na san yadda ido yake gudu a kan takarda.

Kin yi daidai da kika zaɓi Hausa, tunda tallar aikin da kamfanin casar shinkafar ya fitar ta ba da zaɓi kuma aikin da manoma ne. Rubutunki tsaf yake, adireshi da kwanan wata duk suna inda ya kamata. Amma abin da ya dame ni shi ne, na gama karantawa ban ga Autar da na sani a ciki ba. Yarinyar da ta yi shekara guda tana shiga fadamar Suru da takalmin roba, laka har gwiwa, ba ta cikin wannan wasiƙa. Kin yi aiki na gaske, sai kika lulluɓe shi da kalmomin da kowa ke amfani da su.

Ga layinki na farko: "Ina mai matuƙar farin ciki da girmamawa na rubuto wannan wasiƙa domin neman aiki a wannan kamfani naku mai albarka." Ki sake karanta shi, ki tambayi kanki: wane aiki? Kamfanin ya tallata gurbi huɗu a rana ɗaya, har da direba da mai kula da sito. Mai karantawa sai ya kai sakin layi na uku kafin ya gane malamar gona kike nema, kuma ba kowa ke da haƙurin kaiwa can ba. Wane kamfani? Wannan jimlar za ki iya kai ta banki, ki kai ta asibiti, ki kai ta gidan mai, ba tare da kin sauya ko wasali ɗaya ba. Jimla ta biyu kuma kin kashe ta wajen faɗin sunanki da garinku, alhali suna saman takardar, sunan kuma zai sake fitowa a ƙasa inda za ki sa hannu. Layi biyu mafi tsada a wasiƙar sun tafi ba ki sayi komai da su ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma mai tantancewa yake yi wa wasiƙa hukunci tun daga bakinta.

Ladabi ba laifi ba ne, haka aka tarbiyyantar da mu. Amma "Ranka ya daɗe" da ke sama ya riga ya biya wannan haƙƙin. Bayan shi, ki shiga magana kai tsaye. Ga yadda nake ganin ya kamata ki buɗe:

"Ina neman gurbin malamar gona da kuka tallata don manoman shinkafarku na yankin Argungu. A shekarar bautar ƙasata a Suru na yi noman rani guda cikakke tare da ƙungiyar mata manoma 46, tun daga rainon iri har zuwa awon shanshera, kuma irin wannan aikin ne tallarku ta bayyana."

Jimla biyu ne kawai, amma mai tantancewa ya san me kike so, ya san inda kika taka, ya kuma ga lamba da zai iya tambayarki a kanta.

Yanzu sai babbar matsalar, sakin layi na biyu da na uku. Kin ce ke "mai ƙwazo ce, mai gaskiya da riƙon amana, mai iya hulɗa da jama'a." Wallahi duk gaskiya ne, ni shaida ne. Amma ni ba na cikin kwamitin. Babu mai neman aikin da zai rubuta cewa shi malalaci ne ko maci amana, saboda haka waɗannan kalmomi ba sa raba ki da kowa. Halin kirki wani ne ke faɗa maka shi, shi ya sa ake neman sunayen masu tsaya wa mutum. Naki shi ne ki kawo abin da ya faru, shi mai karatu ya yanke da kansa cewa lallai wannan mai amana ce.

Kuma kina da abin kawowa. Kin tuna lokacin da kuɗin fetur ya tashi bayan cire tallafi a 2023, manoman rani suka rinƙa barin gona ta bushe saboda injin ban ruwa ya fi ƙarfinsu? Ke kika ba ni labari a tsakar gidan Inna yadda matan nan ke da inji uku kacal, kullum rigima a kan wa zai fara, har kika zauna da shugabarsu kuka tsara kwanakin ban ruwa a littafi, kowace mace da ranarta, kuɗin mai kuma ana tarawa a hannunki duk ranar kasuwa kina rubutawa. Aka gama rani lissafi bai ɓata ba. Wannan shi ne riƙon amana, shi ne iya hulɗa da jama'a, amma ko alamarsa babu a wasiƙar. A madadinsa kin rubuta "na taimaka wa manoma da dama wajen bunƙasa harkokinsu." Da dama nawa? Wane taimako? Kalmar "harkoki" kuwa buhu ce marar komai a ciki.

Haka "na samu ƙwarewa sosai a fannin noma." Noma faɗi gare shi. Mai kiwon kaji a Zuru da mai albasa a Aliero duk a fannin noma suke. Kamfanin casar shinkafa abin da ya dame shi a fili yake: shanshera iri ɗaya ba gauraye ba, wadda ta bushe daidai, kuma manomin da aka ba iri da taki bashi ya dawo da ita gare su, kada ya karkatar wa ɗan kasuwa. Ki yi magana a kan wannan. Ga misali:

"Na koya wa matan yin gadon rainon iri na FARO 44 da dashe a layi, tazarar santimita 20, maimakon watsi da suka saba. Mun zuba takin kamfa a farko, muka raba yuriya kashi biyu. Bayan girbi ni ke gwada danshin shanshera da na'ura, ba ma ɗurawa a buhu sai ya sauka zuwa kashi 14 cikin 100."

Duk wanda ya san shinkafa, da ya karanta wannan ya san ba a aji kaɗai kika tsaya ba. Gani ya kori ji.

Akwai jimla ɗaya da nake so ki cire ko ki gyara, kuma wannan ba maganar salo ba ce. Kin rubuta cewa kin "ninka amfanin gonar manoman." Kin auna? Iya sanina gonaki tara kawai kika bi da awo daga farko har ƙarshe. To ki buɗe littafin nan naki mai koren bango, ki duba buhu nawa suka samu a ranin da ya gabace ki, nawa suka samu a naki, ki rubuta wannan lambar yadda take, ko da ƙarin buhu uku ne a kowace gona, ki kuma ce a gonaki tara ne. Ranar ganawa za a sami wani dattijo a teburin wanda ya yi shekaru a fadama, tambayarsa ta farko a kan wannan "ninkawa" za ta faɗa. In kika yi inda-inda a nan, har gaskiyar da ke sauran wasiƙar sai ta zama abin zargi.

Maimaici kuma na ƙirga miki. "Ƙwarewa" sau shida, "jajircewa" sau huɗu, "idan aka ba ni dama" sau uku. Digirinki na jami'ar Aliero kin ambace shi a wuri uku, ga shi kuma yana cikin takardar tarihin karatu da aiki da za ki haɗa. Sau ɗaya ya isa, a rabin jimla. Sakin layi na huɗu kuwa na biyu ne ya canja riga; ki goge shi gaba ɗaya. Na fahimci abin da ya faru, kin ga shafin bai cika ba sai kika ji tsoro. Ba a biyan kowa don ya cika shafi. Hanya mafi sauƙi: ki karanta wa Inna wasiƙar da ƙarfi, duk inda kika ji bakinki ya koma inda ya riga ya bi, ki sa biro.

Wurin da zai buɗe in kin goge, ki saka abin da kika manta gaba ɗaya: kina jin Zabarmanci, albarkacin shekarun da kika yi wurin Gwaggo a Kamba. Tallar ta ce suna da manoma har ɓangaren Dandi, ƙaramar hukumar da Kamba take ciki. Cikin masu neman gurbin nan ba kowa ne zai iya zama da tsohuwa a bakin gona ya yi mata bayanin taki da harshenta ba. Kuma kina tuƙa babur. Ki faɗa, jimla ɗaya kowanne.

Saura sakin layi na ƙarshe, wanda na daɗe ina kallo kafin in iya cewa komai. Inda kika rubuta cewa mahaifinmu ya rasu, Inna ba lafiya, kina roƙo a taimaka miki don Allah. Auta, na san daga inda wannan ya fito, nauyin da kike ji ni ma ina jin sa. Allah ya jiƙan Baba. Amma ki cire shi. Mutumin da ke karantawa an ɗora masa nemo wadda za ta riƙe masa manoma ɗaruruwa, kuma ko ya tausaya miki ba zai iya kai tausayi gaban shugabansa a matsayin hujja ba. Abin da ya fi ci mini rai, roƙon yana sa ki zama kamar wadda ba ta da abin bayarwa, alhali ke ce kike da abin da suke nema. Ki rufe da cewa a shirye kike ki zo Argungu ganawa duk ranar da suka sa, za ki taho da littafin awonki da takardar shaidar da shugabar ƙungiyar matan ta sa wa hannu. Sai godiya, sai sa hannu.

Da gangan ban rubuta miki wasiƙar duka ba. Misalan da na ba ki ma ki juya su da bakinki, domin ke za a yi wa tambaya a kansu. Sakin layi huɗu gajeru, shafi ɗaya, kada ya wuce. Lambobin da na sa daga abin da kika gaya mini ne, ki tabbatar da kowace a littafinki kafin ki buga, musamman adadin matan, don ina jin kin ce biyu sun fita a tsakiyar rani.

Ranar Litinin suke rufe karɓa. Ki turo mini sabuwar kafin sallar Juma'a in sake dubawa, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Jega da maganin Inna, sai mu buga ta tare. Ki gaishe ta, ki ce mata ina nan tafe.

Yayanki