Tabbacin kama ɗaki mai lamba 4827: Juma'a 13 zuwa Litinin 16 ga Maris 2026

Assalamu alaikum Hajiya,

Mun karɓi buƙatarki, kuma mun ware miki ɗaki ɗaya na mutum biyu, kwana uku: daren Juma'a wayewar Asabar, daren Asabar wayewar Lahadi, da daren Lahadi wayewar Litinin. Duk lokutan da ke cikin wannan saƙo da agogon garin da masaukinmu yake ne.

Za ki iya karɓar makulli ranar Juma'a 13 ga Maris daga ƙarfe 2:00 na rana zuwa 10:00 na dare. Idan kin iso da wuri za mu ajiye miki kayanki kyauta, amma ɗakin sai ƙarfe 2:00. Idan kuma tafiya za ta kai ki bayan 10:00, ki sanar da mu kafin ƙarfe 6:00 na yammar ranar domin a bar mai jiranki. Ranar Litinin 16 ga Maris a mayar da makulli kafin ƙarfe 11:00 na safe.

Kafin alƙalami kuɗin kwana ɗaya ne, kuma yana cikin jimillar kuɗin ɗakin. Saura kuɗin kwana biyu ke nan, wanda za ki biya ranar da kika iso. Adadin da lambar asusun suna cikin takardar biyan kuɗi da muka haɗa da wannan saƙo. Dole kafin alƙalamin ya shigo asusunmu kafin ƙarfe 6:00 na yamma ranar Juma'a 27 ga Fabrairu. Shigowarsa muke dubawa, domin banki kan yi jinkiri, saboda haka gara a tura da sauran lokaci. Idan bai shigo ba, ɗakin ya koma kasuwa.

Maganar fasawa kuwa, a nan aka fi samun saɓani, don haka ki duba da kyau. Idan saƙon fasawarki ya iso mana kafin ƙarfe 6:00 na yamma ranar Talata 10 ga Maris, za mu mayar miki da kafin alƙalaminki gaba ɗaya cikin ranakun aiki bakwai, ta asusun da kika turo shi. Daga ƙarfe 6:00 ɗin nan zuwa gaba, kafin alƙalami ba ya dawowa, amma ba za mu bi ki ko kwabo na sauran kwana biyun ba. Haka hukuncin yake idan ba ki zo ba kuma ba mu ji daga gare ki ba, sai dai a nan za mu saki ɗakin da ƙarfe 11:00 na safiyar Asabar 14 ga Maris.

Fasawa a rubuce muke karɓa, ta amsa wannan imel tare da lamba 4827. Kiran waya kaɗai bai wadatar ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Sashen karɓar baƙi