Kwano Takwas

Kuɗin da Malam Isa ya aiko daga Legas sun iso ranar Laraba, naira 35,000, tare da saƙon cewa aikin dako ya yi ƙaranci saboda ruwan sama, don haka kada a sa ran wani abu sai wata ya mutu. Tun da aka gama noma na biyu ya tafi, ya bar gero a gona yana shirin fitar da kai, ya kuma bar rumbu babu komai cikinsa sai ƙaiƙayi. Watan Agusta ne, marka ta zauna, kuma duk wanda ya yi rayuwar karkara a ƙasar Gumel ya san cewa a wannan lokaci gona tana kore shar amma tukunya ba ta da abin faɗa.

Binta ta zauna a kan tabarma bayan sallar isha'i, ta baza kuɗin a gabanta, ta ƙirga su sau biyu kamar ƙirgar za ta ƙara musu yawa. Washegari Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ta ba maƙwabcinsu Malam Garba saƙo, ya dawo mata da masara kwano takwas, wake kwano biyu, garin rogo kwano ɗaya, kwalbar manja, da ɗan gishiri, daddawa, kanwa da barkono. Bayan ta ware kuɗin niƙa, naira 3,000 ce ta rage, ta ɗaure ta a tsumma ta cusa cikin matashin kai, domin ta san damina ba ta wucewa sauro bai kwantar da wani a gidan ba.

Lissafinta ɗaya ne: kowane kwano sai ya yi kwana huɗu. Ta hana a surfe masarar kafin a kai inji, ko da yake tuwon zai fito da duhu da ɗan kaushi, saboda dusar da ake zubar wa awaki ita ma tana cika ciki. Ta sami tsohon gwangwanin madara ta mayar da shi ma'auni, kuma duk ranar da kwano ya ƙare sai ta ja layi ɗaya da gawayi a bangon madafi, can ƙasa inda take zaton ba mai gani.

Sauran abincin daga bayan gida da bakin gona yake fitowa. Da hantsi Sani da yayarsa Rakiya sukan tafi da kwando su tsinko tafasa da rama da lalo, ita kuma ta ƙaro zogale daga bishiyar da ke jikin danga. Tafasa ana dafa ta a matse ruwan, a kwaɗanta da ɗan ƙuli-ƙulin da take samu a matsayin lada idan ta taya matar Malam Garba matsar man gyaɗa. Ranar da garin ya yi ƙasa sai ta yi fate, ta zuba ganye har ya rinjayi tsakin. Waken kuwa ba ta yarda a dafa shi haka nan ba, domin kwano biyu ba zai kai mako ba. Niƙa shi ta yi, ta haɗa da garin rogo da kuka da ruwan kanwa, ta riƙa yin ɗan wake sau biyu a mako, tana ɗiga manja da cokali kamar mai auna magani. Ragowar tuwon dare ba ya kwana a banza, da shi ake ɗumame, ƙanzon tukunya kuma a jiƙa shi a ba Auta.

Har layi uku suka hau bango komai yana tafiya daidai. A rana ta goma sha uku Auta ya kwana da zazzaɓi, jikinsa kamar garwashi, kuɗin cikin matashi suka tafi wurin mai magani, aka ma biyo ta ɗari biyar. Bai gama warwarewa ba sai ga Talatu, ƙanwar maigidan, ta yi sallama da goyo a baya da wani yaron a hannu, ta zo duba mara lafiya.

"Sannu da zuwa, Gwaggon yara. Ke, kawo mata ruwa," in ji Binta, tana nufin Rakiya, wadda ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda alkunyar 'yar fari.

Ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi, kuma ba a ba dangin miji fate mai ruwa-ruwa. Binta ta tuƙa tuwo sosai, ta kaɗa miyar kuka da daddawa mai yawa, har da manja a sama. Talatu ta yi kwana biyu, ta yaba hannun matar yayanta, ta tafi da ƙullin zogale. Da Binta ta leƙa buhun a daren nan, sai ta ga abin da ya kamata ya kai su kwana goma sha biyar bai fi na kwana goma sha ɗaya ba.

Daga nan ne ta fara azumi. Ta ce wa yaran akwai ramuwar watan Ramadan a kanta, kuma gara ta sauke yanzu da rana ba ta da zafi. Da asuba takan sha ruwan ƙanzo, da magariba ta ci kwaɗon rama, ta ce ita tuwo yana yi mata nauyi da dare. Sani bai lura ba, shi dai ya ga malmalarsa ba ta ragu ba. Rakiya ce take kallon yadda Umma take dafa bango idan ta miƙe daga gaban murhu, da yadda zaninta ya fara neman ɗauri biyu.

A rana ta shida Rakiya ta same ta tana tankaɗe.

"Umma, ai kwana huɗu kika sha a azumin bana, kuma kin rama su tun kafin Babbar Salla. Ni na tashe ki sahur."

Binta ba ta ɗago kai ba, hannunta bai daina kaɗa rariya ba. "Wa ya sa ki ƙirga mini ibada? Wannan na nafila ne. Je ki duba ko ruwan ya tafasa."

Yarinyar ta tafi, amma ba ta tsaya a murhu ba. Ta fita ta sami matar Malam Garba, ta roƙe ta ta ba ta tallan ƙuli-ƙuli a bakin masallaci bayan an tashi daga Islamiyya. Ranar farko ta dawo da naira 400, ta ajiye su a kan gwangwanin madara ba tare da ta ce komai ba. Binta ta ga kuɗin, ta san inda suka fito, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta rufe.

Da magariba aka raba tuwo kamar kullum, malmala uku. Rakiya ta yanke tata biyu, ta zuba miya a kan rabin, ta rufe da faifai ta tura gefen dardumar uwarta.

"Ni ma gobe zan yi nafila," ta ce.

"Ba za ki yi ba."

"To ki ci wannan, sai mu fasa mu duka."

Binta ta daɗe tana kallon faifan. A waje ruwa ya sake tsinkewa, Sani yana ba Auta labarin cewa ya ga zangarniya ta fara ƙosawa a gonar Baba, kuma Malam Garba ya ce nan da mako biyu za a iya gasa tumu. A bangon madafi layi shida ne. Ta yi bisimilla, ta ɗaga faifan, ta gutsuri loma ɗaya, sannan ta tura kwanon tsakaninta da 'yar.