Tayin Biyan Miliyan 30 a Dunƙule Don Rufe Bashin Harajin 2016 Zuwa 2019

14 ga Maris, 2024

Zuwa ga Shugaban Sashen Karɓar Bashin Haraji,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarku ta 20 ga Fabrairu ta iso hannuna, wadda kuke neman kamfanina na jigilar kaya ya biya miliyan 62. A lissafinku, asalin harajin miliyan 29 ne, tara miliyan 11, sauran miliyan 22 kuma ruwan da ya hau kai ne. Ban musa asalin bashin ba. A shekarun nan babban kwastomanmu ya durƙushe da kuɗinmu a hannunsa, ni kuma na zaɓi biyan albashin direbobi na bar haraji. Kuskurena ne.

Tayina shi ne in biya miliyan 30 lokaci ɗaya, cikin kwana 30 daga ranar da kuka amince a rubuce, a rufe maganar baki ɗaya.

Ina roƙon a duba abin da za a iya samu a wurina in aka bi ta hanyar ƙwace kadara. Ɗakin ajiyarmu an yi masa kuɗi miliyan 45, amma yana jingine a banki tun 2015, kuma har yanzu bankin na bin mu miliyan 40. Manyan motoci biyu suka rage mana cikin bakwai. Ɗaya na aiki, ɗayar tana kan duwatsu ba inji, shekara biyu ke nan. Duka biyun ba za su wuce miliyan 14 ba, kuma kowa ya san yadda gwanjo ke karya farashi, ga kuɗin lauya da na masu gwanjon. Ko an sayar da komai, da wuya abin da zai shigo asusunku ya kai miliyan 20, kamfanin kuma ya mutu ke nan.

Miliyan 12 daga cikin tayin zan samo ne ta sayar da motar da ke aiki, na riga na sami mai saye, in koma ɗaukar haya. Sauran miliyan 18 rance ne daga yayana, wanda babu ruwansa da kamfanin. Ya ce ba zai saki kuɗin ba sai ya ga takardar da ke nuna bashin zai ƙare da su.

Idan kun amince, ina neman a yafe ragowar miliyan 32, a ɗage takunkumin da aka sa wa asusun kamfanin, a kuma ba ni takardar shaidar kammala biya. Harajin 2020 zuwa 2023 mun biya shi cif, rasit na haɗe da wannan wasiƙa, tare da bayanan asusun banki na wata 24, takardar jingina da rahoton mai kimanta kadara.

Mai sayen motar ya ba ni zuwa ƙarshen Afrilu. Ina roƙon amsarku kafin nan, ko a sa mini ranar da zan zo da akantana mu zauna.

Naka mai biyayya,
Musa Abdullahi
Manajan Darakta
Lambar fayil: 4471/19