Saƙon neman kuɗin nan ba daga gare ni ya fito ba

Assalamu alaikum, iyayena, 'yan uwa, abokai da abokan ciniki.

Ni ne da kaina wannan karon. Wanda bai yarda ba ya kira ni a waya ya ji muryata, ko ya leƙo shago a Kasuwar Barci, ina nan daga ƙarfe 9 har la'asar.

Duk saƙon da ya zo muku daga WhatsApp ɗina tsakanin Talatar makon jiya da daren Laraba ba ni na rubuta ba. Ban yi haɗari a hanyar Zariya ba, Hajiya ba ta asibiti, lafiyarta ƙalau, jiya ma ta je suna Rigasa. Lambar asusu mai alƙaluma 10 da aka tura muku ba tawa ba ce, ban san mai ita ba.

Ga yadda aka yi, kuma ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ranar Talata bayan azahar, ina tsaka da auna wa wata mata yadi 5 na shadda, wani ya kira ni. Ya ambaci cikakken sunana, ya ce daga zauren tsofaffin ɗaliban makarantarmu yake, za a yi taro ta intanet da daddare, kuma an turo min lambar shiga, in karanto masa ya sa ni a jeri. Hausarsa tsaf, har da tambayar iyali da kasuwa. Saƙo ya shigo, alƙaluma 6. Almakashi a hannu ɗaya, waya maƙale a kafaɗa, na karanto masa. A cikin saƙon an rubuta kada a ba kowa lambar, amma idona bai sauka a kan layin ba sai da aikin gama ya gama. Wannan ita ce lambar da ake buɗe WhatsApp ɗin mutum da ita a wata wayar. Kafin in naɗe shaddar an fitar da ni.

Tsofaffin hirarrakinmu suna cikin wayata, bai same su ba. Abin da ya samu shi ne zaurukan da nake ciki da lambobin mutanen cikinsu: na dangi, na masallacin unguwa, na 'yan kasuwa. Nan ya bi ku ɗaya bayan ɗaya, wani dubu 20, wani dubu 50, wai gobe da safe zan mayar.

Kawu ne ya fara ganewa. An rubuta masa "Alhaji barka da rana", ya ce tun da aka haife ni ban taɓa kiransa Alhaji ba, kuma ban taɓa roƙonsa ba tare da na fara gaishe shi da tambayar ƙafarsa ba. Ya kira lambar ta WhatsApp aka ƙi ɗauka, sai ya hau Keke Napep tun daga Kawo ya zo ya same ni. Allah Ya saka da alheri, Kawu.

Na sake neman sabuwar lamba na shigar daren Laraba, hakan ya kore shi. Sai dai ya riga ya sa nasa lambobin sirri, dole na jira kwana 7 kafin in shiga. Shi ya sa kuka ji ni shiru.

Mutum 3 na sani sun tura kuɗi, ba zan kira suna ba. Kunya ta hana ni barci, don na san saboda ni kuka tura, kuma ɗayanku kuɗin makarantar yara ya taɓa. Ku yafe min. Idan akwai wani bayan su, don Allah kada ya yi shiru. Ya je bankinsa da shaidar turawar ya shigar da ƙorafi yau, ya kuma turo min hoton shaidar da na saƙon, ina haɗa su zan kai ofishin EFCC na nan Kaduna. Ban yi alƙawarin kuɗin za su dawo ba, amma za mu zauna da kowa mu san yadda za a yi.

Wanda kuma aka ce ya karanto wata lamba ya karanto, ya duba wayarsa yanzu. Ku shiga Settings na WhatsApp, sai Account, sai Two-step verification, ku sa lambobin sirrinku da imel. Ku duba Linked devices, na'urar da ba ku sani ba ku cire ta. Da na yi wannan tun farko, lambar da na bayar ba za ta ishe shi ba.

Masu kula da zauruka, an cire ni daga wasu, kuma kun yi daidai. Ku kira ni tukuna kafin ku mayar da ni. A taimaka a karanta wa iyayenmu da ba sa karatun boko, musamman Gwaggo ta Tudun Wada, an ce har yanzu tana tambayar wane asibiti aka kwantar da ni.

Na gode. Wassalam.