Ganawar neman aikin manajan reshe: amsa kan gazawa a shugabanci

Shugabar kwamiti: Malam, mun duba takardunka, mun ga yabon da aka yi maka. Yanzu ka ba mu labarin lokacin da ka gaza a matsayinka na shugaba, da abin da ya sauya bayan nan.

Mai neman aiki: To, ranki ya daɗe. A farkon 2023 ne, lokacin canjin kuɗi. Ina kula da rabon kaya a wani kamfanin kayan masarufi a nan Kano, da mutum 14 a ƙarƙashina: direbobi, masu sayarwa da yaran sito. Motocinmu na kai kaya Wudil, Gumel, Haɗeja har Maigatari, kuma kusan duk cinikin kuɗi hannu ne.

Da Babban Banki ya sa wa'adin 31 ga Janairu kan tsofaffin takardun naira 200, 500 da 1,000, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sai kuɗi suka ɓace a kasuwa. Wani dattijo cikin masu sayarwa, wanda ya riga ni shiga kamfanin da shekara tara, ya same ni a ofis. Ya ce, "Manaja, 'yan kasuwar ƙauye ba su da tsabar kuɗi, sabis kuma ba ya tafiya. A rage mana adadin da aka ɗora mana, ko a tsara yadda za mu karɓi tiransifa." Na ce masa uzuri ne kawai, wanda bai cika adadinsa ba babu alawus. A gaban yara na faɗi haka.

Daga ranar ba wanda ya sake kawo mini matsala, ni kuma na ɗauka komai lafiya. Ashe don su cika adadin, suna sauke kaya da zarar an nuna musu alat a waya, wasu ma cikin asusunsu ake turawa. Mako uku ana haka. Sai da akanta ya zauna haɗa lissafin wata aka gano alat na bogi har guda biyar, kusan naira miliyan biyu da dubu ɗari uku. Biyu daga ciki a hannun dattijon nan suka faru. Ya sani tun makon farko, ya yi shiru yana ƙoƙarin biya daga albashinsa. Da magana ta fito, ya ajiye aiki.

Asarar kuɗin ta dame ni, amma abin da ya hana ni barci shi ne mutum mai gaskiya ya gwammace ya ci bashi da ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ni na jawo hakan da bakina.

Shugabar kwamiti: Me ka gaya wa na sama da kai?

Mai neman aiki: Na rubuta cewa an gargaɗe ni ban ji ba, kuma ni na bar su ba tsari. Na roƙi kada a cire ko kwabo daga albashin kowa. An amince, ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, na rasa ƙarin albashin shekarar.

Sannan na tara su a sito na ba su haƙuri. Muka kafa doka tare: ba a sauke kwali ko ɗaya sai akanta ya ga kuɗi a asusun kamfani ya kira direba. Muka sa na'urar POS a kowace mota. Wannan shi ne mai sauƙin.

Mai wuyar shi ne gyara halina. Kowace Litinin da safe muna zama na minti 20, yaran sito ke fara magana, ni ne na ƙarshe. Makonnin farko kowa sai ya ce "ba komai, Manaja", don haka na riƙa fara ambaton kuskuren da ni na yi a makon. Sau biyu a wata kuma nakan bi mota zuwa kasuwa, in zauna gaba tare da direba. Faɗa kuwa, sai mu biyu a ofis, ƙofa a rufe.

Wajen watan Agusta wani yaron mota ya tsaya a zaman Litinin ya ce lissafin buhunan sukari bai yi masa daidai ba kwana biyu a jere. Muka bincika a ranar, muka tarar kuskuren rubutu ne a takardar fitar da kaya, buhu 12. A da, sai ƙarshen wata zan sani. Daga lokacin har na bar wurin, alat na bogi bai sake cin mu ba, kuma ba wanda ya ajiye aiki a sashena.

Shugabar kwamiti: Dattijon fa, ya dawo?

Mai neman aiki: Bai dawo ba, ranki ya daɗe. Na je har gidansa sau biyu. Ya ce ya yafe, amma ya riga ya buɗe shagonsa a kasuwar Singa. Daga baya ya zama cikin masu sarin kaya a wurinmu, kuma lambarsa na cikin waɗanda na rubuta muku a matsayin masu shaidata.