Takardar Neman Alfarmar Tashi Daga Gidan Haya

Rijiyar Lemo, Kano,
Litinin, 17 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Malam Habibu,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yara baki ɗaya. Na rubuto maka wannan takarda ne domin in tabbatar a rubuce da maganar da muka fara ranar Juma'ar da ta wuce a zauren gidan bayan mun sakko daga masallaci, saboda magana irin wannan, wadda ta shafi muhallin mutum da iyalinsa, bai kamata a bar ta a baki kawai ba, ko da kuwa tsakanin mutanen da suka yarda da juna ne kamar ni da kai.

Abin da nake nema a wurinka shi ne ka yi mini alfarma ka tashi daga gidana na Gyaɗi-Gyaɗi, wanda kake haya tun watan Yuni na shekarar 2017, domin mahaifiyarmu, Hajiya, ta koma cikinsa tare da ƙanwata da za ta riƙa jinyarta. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in iya furta maka ita, kuma sai da na gwada duk wata hanya da na ga za ta iya fitar da ni ba tare da na taɓa ka ba, ban samu ba.

Ka san Hajiya, domin ka je ka gaishe ta a Rano lokacin bikin ƙanenmu, ka kuma duba ta a asibiti a cikin watan Agusta. Tun daga wancan kwanciya likitoci suka ɗora ta a kan wankin ƙoda sau biyu a mako a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma sun gaya mana ƙarara cewa mu shirya wa doguwar jinya. Da farko mun ɗauka za a iya riƙa kawo ta daga Rano, sai muka ga jikinta ba zai ɗauki wannan zirga-zirga ba, shi ya sa na dawo da ita gidana na Rijiyar Lemo. To, nan ma wata wahalar muka tarar. Ɗakunan kwana na gidan duk a sama suke, kuma Hajiya ba ta iya hawa bene, don haka a falon ƙasa muka shimfiɗa mata katifa muka sa labule, nan take kwana, nan ake shigowa gaishe ta, nan yara suke wucewa da safe idan za su makaranta. Mace mai shekara saba'in da 'yan kai, wadda ta saba da ɗakinta da tsakar gidanta da turken awakinta, yau ga ta a bayan labule. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma ina ganin yadda take jan mayafi ta rufe ƙafafunta duk lokacin da aka yi sallama, kuma hakan yana damuna ƙwarai.

Sai kuma hanya. A ranar wankin ƙoda mukan fita tun bayan sallar asuba, mu ratsa gari daga titin Katsina har zuwa titin Zariya, ta yi kusan awa huɗu a jikin na'ura, sannan mu kamo hanyar dawowa da rana tsaka a cikin cunkoso, alhali a lokacin ko zama ba ta iya yi sosai saboda jiri da kasala. Sau biyu muna tsayawa a gefen titi mu jira ta dawo hayyacinta. Gidan da kake ciki kuwa a ƙasa yake, yana da banɗaki a cikin babban ɗaki, kuma daga ƙofarsa zuwa asibitin tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu. Na nemi hayar wani gida a kusa domin in bar ka a inda kake, har dillali ya zagaya da ni wurare uku, amma da na haɗa kuɗin hayar da abin da jinyar take ci duk mako, sai na ga ba zan iya ɗaukar duka biyun ba.

Ina so ka sani, kuma ina so ya zama a rubuce, cewa babu wani laifi da ka yi mini. A cikin shekara takwas da 'yan watanni da ka yi a gidan, ban taɓa aiko maka da ɗan aike a kan kuɗin haya ba, maƙwabta ba su taɓa kawo ƙararka ba, kuma shekarar da ruwa ya rusa katangar baya kai ka tsaya a kan magina har aka gama, ina Legas ban ma san an yi ba sai da na dawo. Na san akwai masu gida da suke fakewa da cewa ɗan'uwansu zai shiga, mai haya yana fita sai su yi fenti su ninka kuɗi su sa wani. Ba haka nake nufi ba, kuma ƙofa a buɗe take, duk ranar da ka ga dama ka zo ka gaida Hajiya ka ga mai zama a ciki da idonka.

Game da wa'adi, kuɗin hayar da ka biya na Naira 450,000 zai ƙare ranar 31 ga Mayu, 2026. Daga yau zuwa wannan rana akwai fiye da wata shida, wato wa'adin da aka saba bai wa mai hayar shekara, don haka ka ɗauki wannan takarda a matsayin sanarwa cewa ba za mu sabunta yarjejeniya ba idan ta ƙare. Sai dai da na duba kalanda na ga ƙarshen Mayu zai zo daidai da hidimar Babbar Sallah, kuma a lokacin yara suna tsakiyar zango na uku a makaranta, kai ma kana da ɗalibanka da za ka kai ƙarshen shekara. Saboda haka na ƙara maka wata biyu, Yuni da Yuli, ba tare da ka biya ko sisin kwabo ba. Ranar ƙarshe da nake roƙon ka miƙa mini makullai ita ce Juma'a, 31 ga Yuli, 2026. Na yi shawara da Hajiya kafin in yanke wannan, ita ce ma ta ce kada a kuskura a ɗaga wa yara hankali ana tsaka da karatu a dalilinta, za ta yi haƙuri da falon.

Duk da haka, ba zan ɓoye maka ba, idan Allah ya sa ka samu wurin da ya kwanta maka kafin lokacin, tashinka da wuri zai zama babban taimako a gare mu, kuma kai ma zai fi maka sauƙi ka kwashe kaya kafin damina ta kankama. Idan hakan ta faru, zan mayar maka da kuɗin kowane wata da ya rage daga cikin waɗanda ka biya, a kan Naira 37,500 duk wata, a ranar da ka ba ni makullai. Wannan zaɓi ne na ba ka, kuma babu wanda zai zo ya tsaya maka a ƙofa yana tambayar yaushe za ka tashi.

Akwai abubuwan da ka yi wa gidan da kuɗinka, musamman tankin ruwa da ƙarfen da yake zaune a kai, da ƙofar ƙarfe ta zaure, da siminti da ka shafe tsakar gida da shi. Tanki da ƙofa, idan kana so ka tafi da su, naka ne. Idan kuma ka fi so ka bar su, wanda ni ma shi na fi so domin Hajiya za ta buƙaci ruwa a wadace, to mu kira wanda ya san farashinsu ya yi musu kuɗi a kan yadda kasuwa take yanzu, in biya ka. Haka ma duk abin da ya rage a mitar wuta ranar tashinka, za mu duba shi tare in ba ka kuɗinsa. Bishiyar mangwaron da ka dasa kuwa babu yadda za a yi da ita sai dai a bar ta, amma idan ta yi 'ya'ya, kason su Khalifa yana nan.

A ɓangaren neman wani gidan, na riga na yi magana da dillalin da ya zagaya da ni, na ce ya sa ido a Karkasara da Hausawa da Tarauni da Unguwa Uku, domin kada ka yi nisa da makarantar da kake koyarwa da islamiyyar yara. Na san kuɗin haya a wannan yanki ya tashi sosai fiye da abin da muke kai ni da kai, kuma wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyi a cikin maganar. Saboda haka la'adar dillali na ɗauke maka, haka ma motar kwasar kaya da 'yan dako. Idan mai sabon gidan ya nemi wanda zai tsaya maka, ni zan je da ƙafata in shaide ka, ko in rubuta masa takarda idan ita yake so.

Idan Allah ya ba Hajiya lafiya ta ce Rano za ta koma, har gidan ya sake zama na haya, na yi maka alkawari kai ne mutum na farko da zan fara tuntuɓa kafin kowa.

Wannan takarda kwafi biyu ce. Ina roƙon ka karanta ta a tsanake, ka yi shawara da iyalinka, idan akwai abin da bai yi maka ba ko wanda na manta, ka faɗa mini kai tsaye mu gyara. Idan ka gamsu, sai mu haɗu ranar Asabar, 29 ga Nuwamba, bayan sallar la'asar a gidan Mai Unguwa, mu sa hannu a gabansa da Liman, kowa ya riƙe kwafinsa. Na zaɓi a yi a gabansu ne saboda rai da ajali, domin ko ba na nan 'ya'yana su san abin da na ɗaukar maka, su cika shi.

Ina neman afuwarka da ta iyalinka a kan wannan ɗawainiya da na jawo muku, kuma ina roƙon ku sa Hajiya a cikin addu'a. Allah ya musanya maka da gidan da ya fi wannan, ya kuma hore maka naka na kanka. Ka gaida mini maman Khalifa da yara.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Sabi'u Rano.