Sakamakon gwajin ResNet-50 a hotunan gona, da neman shawararka kan mataki na gaba

Assalamu alaikum Farfesa,

Barka da war haka, da fatan an dawo daga taro lafiya, iyali ma suna lafiya.

Ranka ya daɗe, labarin da zan ba ka ba mai daɗi ba ne, don haka na ga gara ya iso maka a rubuce kafin mu zauna. Modal ɗinmu na gane cutar tumatir daga hoton ganye bai yi abin da muka yi hasashe a babi na ɗaya ba. Sannan kashi 86 cikin ɗari da na nuna maka watan jiya, ina roƙon a janye shi, domin kuskure ne, kuma daga wajena yake.

Kamar yadda muka tsara, na ɗauki ResNet-50 da aka riga aka horar a ImageNet, na ƙara horar da shi da hotunan ganyen tumatir na PlantVillage, kimanin 18,000 a rukuni goma. A can ya samu kashi 98. Wannan bai ba ni mamaki ba, tun da Mohanty da abokan aikinsa sun samu fiye da 99 a 2016, kuma su da kansu sun faɗi cewa modal ɗinsu ya faɗo zuwa wajen 31 da suka gwada shi a hotunan da aka ɗauka a wani yanayi dabam. Daga nan na sake horar da shi da hotuna 640 da muka ɗauko daga gonaki 11 a yankin Kadawa, rukuni huɗu: lafiyayyen ganye, mai tabo (Early_blight a lakabin PlantVillage), mai naɗewa da yin ruwan ɗorawa, da wanda sharon ta ci. Sharon, wato tsutsar Tuta absoluta, babu ita sam a PlantVillage, alhali ita ce manoman suka fi yi mana kuka a kai.

Inda na yi kuskuren shi ne wajen raba hotunan. Na cakuɗa su gaba ɗaya, na ware kashi 20 na jarrabawa. To amma a gona mukan ɗauki shuka guda sau huɗu ko biyar ta ɓangarori dabam-dabam. Ke nan ganyen da modal ya gani a horo, shi ne ya sake haɗuwa da shi a jarrabawa, an ɗan juya shi kawai. Satar amsa ce ƙiri-ƙiri, ni kuma na miƙa masa takardar da hannuna. Ban farga ba sai da na zauna duba hotunan da ya ci ɗaya bayan ɗaya, na ga tsagin ganye guda yana ta maimaituwa.

Da na gyara, na raba su gona-gona: a ɓoye gona ɗaya, a horar da sauran goma, a jarraba a wadda aka ɓoye, haka har a zagaye duka 11. Matsakaicin da ya samu kashi 58 ne. Na maimaita sau biyar da seed dabam-dabam, yana yawo tsakanin 54 da 62. Ita kuwa tsohuwar hanyar da muka sa don kwatanci kawai, SVM a kan launi da kaushin ganye, ta samu 61. Ban ce SVM ta fi shi ba, tazarar ba ta wuce wannan yawon ba. Abin da zan iya cewa shi ne bai fi ta ba, kuma cewa zai fi ta shi ne ginshiƙin hasashenmu. Wanda zai rufe ido ya ce kowane ganye lafiyayye ne ma zai samu 41.

Kafin na yarda da wannan, sai da na zargi kaina. Na duba ko lakabi ya sauya wuri, na tabbatar ana daidaita launi da ƙimar ImageNet a horo da jarrabawa duka, na kuma ba shi hotuna 32 kacal na ga ya haddace su tsaf, alamar cewa horon kansa yana tafiya. Na rage saurin koyo, na ƙara juye-juyen hoto, na tsayar da horo da wuri. Babu abin da ya ɗaga shi sama da maki biyu.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne Grad-CAM, mai haskaka ɓangaren hoton da modal ya dogara da shi. A hotuna da yawa, wurin da ya haskaka ba tabon ganye ba ne: ƙasar kwami ce, ko yatsun mai riƙe da ganyen, a wata gonar ma shuɗin bokiti. Da na koma littafin da nake rubuta bayanan fita, sai na ga dalili. Kusan kashi biyu bisa uku na hotunan sharon daga gonaki biyu suka fito, da waya ɗaya, a yammaci ɗaya mai hazo, ganyen duk ya yi furu-furu da ƙura. Zatona shi ne modal ya koyi gane gona da waya, bai koyi gane cuta ba. Na ce zato domin Grad-CAM nuni yake yi kawai, ba ya isa hujja shi kaɗai.

Gaskiya, Farfesa, ba na son in ci gaba da murɗa saituna har lamba mai kyau ta faɗo. In na gwada hamsin na zaɓi wanda ya fi, gonakin jarrabawar sun zama na horo ke nan ta bayan fage, kuma mai jarrabawa na waje zai iya kama ni a nan.

Abin da nake ganin ya kamata a fara da shi shi ne lakabin. Ni da malamin gona ɗaya muka sa su, da ido, ba tare da gwajin ɗakin bincike ba, kuma tabon ganye da tsohon cin sharon sukan yi kama idan sun bushe. Ina so a samu mutum biyu daga sashen kare amfanin gona su sa wa hotuna 150 lakabi, kowa shi kaɗai, mu auna yawan yadda suka dace. Idan masana ma sun saɓa a kashi ɗaya bisa huɗu, to an san iyakar abin da za a nema daga na'ura. A nan ina buƙatar takarda daga hannunka zuwa ga shugaban sashen.

Sai gwaji biyu da zan yi cikin mako biyu, ba ƙari. Na farko, in yanke ganyen shi kaɗai in shafe bayan hoton, sannan in yi akasin haka: in shafe ganyen in bar bayan. Idan ya ci gaba da cin maki alhali babu ganye a hoton, zaton nan ya tabbata. Na biyu, in daskarar da duka matakan ResNet-50 in horar da na ƙarshe kawai, tun da sigogi wajen miliyan 25 sun yi wa hotuna 640 yawa. Colab na kyauta zai ɗauki wannan.

Mai tsadar ita ce komawa gona. Yawan gonaki muke buƙata fiye da yawan hotuna: kamar gonaki 15 sababbi, kowace da waya biyu, safe da yamma, a kuma rubuta lambar kowace shuka. Dole a yi kafin zafi ya shigo tumatirin rani ya ƙare, in ba haka ba sai baɗi. Ɗan abin da ya rage na kuɗin bincike zai kai fita uku.

Tambayar da ba zan iya yankewa ni kaɗai ba ita ce ta taken aikin. Ra'ayina a juya shi daga gina manhajar gane cuta zuwa auna yadda modal ke faɗuwa idan ya bar ɗakin gwaji ya shiga gona, da musabbabin hakan. Babi na biyu da na uku za su tsaya kusan yadda suke, na huɗu ne zan sake rubutawa. Shin sauyin yana buƙatar komawa gaban kwamitin karatun gaba da digiri, ko amincewarka ta wadatar?

Na haɗo jadawalin sakamakon kowace gona da hotunan Grad-CAM guda 20. Idan Talata ko Alhamis bayan azahar ta yi maka, zan zo ofis da kwamfutata mu duba tare.

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarka,
Hafsatu